Kafin magini ya kwashe kayansa daga bakin rijiya

A fadamun Tarka da ke Madawa, da kwarin Maggiya na Buza, da garaken Keita, aikin rijiyar siminti yakan taso ne bayan damina, lokacin da kowa ke sauri ya dasa albasa. A cikin wannan sauri ake ƙulla yawancin kwangila da baki. Idan mai garka ya fara jan kuɗi, yau ya ce a ƙara faɗi, gobe ya ce siminti ya yi yawa, magini yakan kwashe kayansa cikin fushi ya tafi. Da haka yake zubar da haƙƙinsa da hannunsa.

Dalili na farko yana cikin fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ambaci haƙar rijiya cikin misalan jinga, inda ma'aikaci ba ya da lada sai ya kammala aiki. Saboda haka idan an yi magana a kan "sai an ga ruwa", mai garka zai ce ba a bin sa ko dala. Idan kuwa an yi ciniki mita-mita, kowace mita da aka gina tana da kuɗinta. Dokar farar hula ta Nijar ma ba ta sakar wa kowa mara ba: aya ta 1184 ta ce wanda aka saɓa wa alƙali zai roƙa ya warware yarjejeniya, aya ta 1134 kuma ta yarda ɓangarorin biyu su warware ta da yardar juna. Wannan hanya ta biyu ita ce mafi sauƙi, kuma ita ya kamata magini ya nufa ta hanyar rubuta takardar rabuwa.

Kafin ita akwai takardar gargaɗi. Magini ya rubuta abin da aka saɓa, ya ba da wa'adi, a ce kwana 8, ya ajiye kwafe da sa hannun wanda ya karɓa. Idan wa'adin ya wuce, sai a je bakin rijiya a auna, da igiyar awo, gaban mai garka da shaidu biyu. A ganina wannan awo ya fi duk abin da za a rubuta daga baya nauyi, domin rijiyar da aka bari rabi ba ta jira. Rairayi na zubowa, ƙasa na cikawa, wani magini na iya ɗorawa a kai, bayan wata ɗaya babu mai iya rantsuwa inda aikin farko ya tsaya.

Mu ɗauki misali. An yi ciniki mita 12, kowace mita jika 40, wato jika 480, siminti da ƙarfe na mai garka. An ba da kafin alƙalami jika 200. Magini ya kai mita 8, biya na biyu ya ƙi fitowa. Takardar rabuwa za ta faɗi ranar da aka ƙulla magana da ranar gargaɗi, sannan ta ce: an auna mita 8 ranar kaza gaban wane da wane, kuɗinsu jika 320, an karɓi 200, saura 120, a biya kafin ranar kaza. Ta lissafa abin da aka bar wa mai garka, buhun siminti 5 da sauran ƙarfe, da abin da magini zai ɗauka, wato kayan aikinsa. Ta kuma ce an rufe bakin rijiyar, kuma daga wannan rana kula da ita ta koma kan mai ita, don yaro ko dabba na iya faɗawa. Da mita 4 kawai aka gina, lissafi zai juya: jika 160 ke nan, magini ne zai mayar da 40, kuma ya dace ya rubuta haka da kansa.

Kada a sa zagi ko tonon asiri. "Alhaji, na dakatar da aiki saboda ba a biya kashi na biyu ba" ya wadatar, domin alƙali abin da za a iya tabbatarwa yake nema.

Idan mai garka ya sa hannu, ko ya dangwala yatsa, bashin ya zama tabbatacce, an san adadinsa, an san ranar biyansa. Idan ranar biyan ta cika, waɗannan ukun su ne sharuɗɗan da dokar OHADA, wadda Nijar ke cikinta tun yarjejeniyar 1993, ta gindaya kafin kotu ta ba da umarnin biya ba tare da doguwar shari'a ba. Idan ya ƙi sa hannu, a kai maganar gaban mai gari ko sarki, tunda dokar Nijar ta ba su ikon sasanta irin wannan rigima, a nemi a rubuta sulhun a takarda. In sulhu ya gagara, magini ya nufi kotu da takardar gargaɗinsa da shaidun awo.