Wa ke rubuta tarihin kallonka a YouTube?

Mutum biyu za su buɗe YouTube a gari ɗaya, a lokaci ɗaya, amma abin da zai tarbi kowannensu a shafin farko daban ne. Ɗaya zai ga tafsiri da labaran ƙwallo, ɗayan kuma girke-girke da sabon kashin Labarina. Ba wani ma'aikaci ne ya zauna ya zaɓa musu ba. Manhajar ce ta duba abin da kowannensu ya kalla a baya, ta yi hasashen abin da zai so ya kalla yanzu. A shekarar 2018 wani babban jami'in kamfanin, Neal Mohan, wanda daga baya ya zama shugabansa, ya ce sama da kashi 70 cikin ɗari na lokacin da mutane ke ɓatawa suna kallo, a kan bidiyon da manhajar ta kawo musu ne, ba waɗanda suka nema da kansu ba. Ke nan mafi yawan abin da muke kallo miƙo mana shi aka yi, don haka ya dace mu san da me ake auna mu.

Babban ma'aunin shi ne tarihin kallo, abin da za ka gani a allo da sunan History. Muddin ka shiga da asusunka na Google, duk bidiyon da ya yi aiki a wayarka sai an rubuta shi a can, har da inda ka tsaya. Tsawon kallon yana da nauyi sosai. Kafin 2012 yawan dannawa ne kamfanin ya fi kulawa da shi, sai masu ɗora bidiyo suka koma saka hoton yaudara da kanun ƙarya don a danna. A shekarar ne aka mayar da hankali kan tsawon lokacin da mai kallo ya zauna. Bidiyon da ka kalla har ƙarshe ya fi wanda ka rufe bayan daƙiƙa goma ƙarfin shaida. Akwai sauran alamomi: abin da ka rubuta a wurin bincike, tashoshin da kake bi, bidiyon da ka danna wa alamar so ko ta ƙi. Amma kamfanin da kansa ya ce shafin farko ya fi dogara da tarihin kallo, jerin da ke biyo bayan bidiyo kuwa ya fi dogara da bidiyon da kake kallo a lokacin.

Injiniyoyin Google sun bayyana tsarin a wata maƙala a 2016, kuma ko da an yi ta sauye-sauye tun daga lokacin, bayaninsu yana taimakawa wajen gane lamarin. Mataki biyu ne. Da farko ana tsamo bidiyo 'yan ɗaruruwa daga cikin miliyoyi, ta hanyar duba abin da mutanen da kallonsu ya yi kama da naka suka kalla. Sannan a jera waɗannan ɗaruruwan, a sa wanda ake ganin za ka fi daɗewa a kansa a sama. Shi ya sa wanda ya kalli Izzar So zai wayi gari ya ga wasu finafinan Hausa masu dogon zango da bai taɓa nema ba: waɗanda suka kalli wancan sun kalli waɗannan.

A nan ne Autoplay ya shigo. Shi ne ɗan maɓallin da ke saman bidiyo a waya, wanda in yana kunne, da bidiyo ya ƙare sai a jira 'yan daƙiƙoƙi wani ya fara da kansa. Mutane na kukan yana cin data, kuma gaskiya ne, amma ɓarnarsa ta fi haka. Bidiyon da ya fara da kansa yana shiga tarihinka kamar wanda ka zaɓa da hannunka. Kuma tunda zaɓin na gaba ya rataya ne a kan wanda ke aiki yanzu, kowane bidiyo shi ke jawo na bayansa. Na biyu yana kusa da abin da ka zaɓa, na biyar yana kusa da na huɗu ne kawai, na goma kuwa mai yiwuwa ba ruwansa da inda ka faro. Tarihin kamar littafin bashi ne a kantin unguwa: duk wanda aka aiko da sunanka ya karɓi kaya, a shafinka za a rubuta, ko kana gida ko kana barci. Kamfanin ya sa wa abin iyaka, domin in kana amfani da datar waya kuma ka yi minti 30 ba ka taɓa allon ba, Autoplay zai tsaya, a kan wayifai kuwa sai bayan awa 4. Amma awa huɗu ba ƙaramin rubutu ba ne.

Mu ɗauki misali. A ce tela ne a Kano, yana da waya ɗaya. Abin da yake kallo bai wuce darussan yankan kaftani da aikin wuyan riga ba, sai karatun wani malami da dare, kamar bidiyo 3 a rana. Aka yi hutun makaranta, kullum da yamma yakan miƙa wa 'ya'yansa wayar su kalli katun na awa ɗaya da rabi, Autoplay a kunne. In kowane katun minti 6 ne, bidiyo 15 ke nan a zama ɗaya, kuma na farkon kaɗai yaran suka zaɓa. Cikin kwana 10 katun 150 sun shiga tarihin, nasa kuwa 30 ne. Ba ƙidayar kai kawai manhajar ke yi ba, amma abu ne mai yawa, na kwanan nan, kuma an kalle shi har ƙarshe, duk alamomin da take girmamawa. Ranar da ya buɗe shafin farko sai ya tarar da waƙoƙin yara da motoci masu magana sun danne darussan ɗinki. Bai kamata ya zargi wayar ba. Ya shiga You, ya buɗe History ya gangara ƙasa, zai ga dalilin a jere. Wannan ita ce hanyar gane matsalar ga kowa: in shafinka ya canja kama, fara duba tarihin, ka nemi abin da ba kai ka kalla ba.

Abin da yawancin mutane ke yi a nan shi ne su danna Clear all watch history su share komai. A ganina wannan shi ne mataki na ƙarshe da ya kamata a ɗauka, ba na farko ba. Katun 150 za su tafi, amma za su tafi tare da shekarun da telan ya yi yana nuna wa manhajar irin ɗinkin da yake so da malamin da yake saurare. Jan layin da ke ƙasan bidiyo mai nuna inda ya tsaya shi ma zai ɓace, kuma abin da aka share ba ya dawowa. Bayan haka manhajar za ta koma lalube da ɗan abin da ya rage mata, kuma bidiyon farko-farko da zai kalla za su yi tasiri fiye da kima, tunda ba su da abokan gogayya. In yaran ne suka fara karɓar wayar bayan sharewar, an koma gidan jiya, har ma ya fi muni.

Sannan sharewar ba ta mayar da mutum baƙo. Tashoshin da yake bi suna nan, bidiyon da ya danna wa alamar so suna nan, kuma ƙasar da yake ciki da harshen wayarsa ba su canja ba. Wanda ya share tarihi ya ga har yanzu ana kawo masa wata tasha, ya duba Subscriptions, mai yiwuwa wani yaro ne ya danna Subscribe.

Gyaran da ya fi dacewa da telan shi ne tsince. A cikin History kowane bidiyo yana da ɗigo uku a gefe, in ya danna zai ga Remove from watch history. Cire 150 ɗaya bayan ɗaya aiki ne, amma akwai gajeriyar hanya: Manage all history yana kai mutum shafin Google inda za a iya share kallon rana guda ko na tsakanin ranaku biyu. Sai ya zaɓi kwana goman hutun kawai. Zai rasa nasa 30 na waɗannan ranakun, amma shekarun baya suna nan. Kamfanin ya ce bidiyon da aka cire daga tarihi ba ya ƙara tasiri a kan abin da za a kawo maka.

Sauran maɓallan ƙorafi kuwa kada a ɗora musu buri da yawa. A 2022 gidauniyar Mozilla ta yi bincike da masu kallo sama da 20,000, ta auna yadda kowane maɓalli ke hana dawowar irin bidiyon da mutum ya ƙi. Not interested ya hana kashi 11 cikin ɗari kacal, alamar ƙi kashi 12, cirewa daga tarihi kashi 29, Don't recommend channel kuma kashi 43. YouTube ya soki yadda aka yi binciken, yana cewa ba a yi maɓallan don su toshe fanni gaba ɗaya ba. Ko da an karɓi uzurinsa, sakamakon ya nuna cewa hana abu shiga tarihi ya fi fitar da shi sauƙi.

Hanawar kuma ba ta da wahala. Kafin ya miƙa wayar, telan zai iya danna Turn on Incognito a shafin You, abin da aka kalla a lokacin ba zai shiga tarihin asusunsa ba. Ko ya danna Pause watch history, sai dai ya tuna ya mayar, domin in ya manta nasa kallon ma ba za a rubuta ba. Ga ƙananan yara, manhajar YouTube Kids ta fi duka, don tana da nata tarihin daban kuma ana tace abin da ke cikinta.

Akwai kuma wanda ba ya son a riƙa miƙo masa komai. Tun watan Agustan 2023, in mutum ya kashe tarihin kallo kuma ba shi da wani tsohon tarihi na a-zo-a-gani, shafin farkonsa yakan zama fayau, sai wurin bincike. Wasu sukan ɗauka wayar ce ta lalace, alhali tsarin ne haka. Ga ɗalibin da ke shiga neman darasi ɗaya ya ɓuge da awa biyu a kan barkwanci, wannan zaɓi ne mai kyau. Amma bai rufe kowace ƙofa ba, domin jerin da ke ƙarƙashin bidiyon da kake kallo zai ci gaba da fitowa, tunda shi daga bidiyon yake samun madogara. Wanda yake son tsaka-tsaki zai iya sa tarihin ya riƙa share kansa bayan wata 3, ko 18, ko 36, a wurin da aka rubuta Auto-delete.

Kamfanin ya bar Autoplay a kashe tun daga farko ga masu shekara 13 zuwa 17, manya ne aka bar wa shi a kunne. Mai karatu, ka kashe naka yau, ka buɗe History ka duba kallon makon da ya wuce, duk abin da ba kai ka zaɓa ba ka cire shi.