Yadda harafin ƙ guda ɗaya ke ninka kuɗin saƙon tes

A ce sakataren wata ƙungiyar manoma a Dutsi ya rubuta sanarwar taro mai haruffa 150 zai tura wa mutum 200. Idan kowane saƙo naira 6 ne, kuɗinsa naira 1,200. Amma da zarar ya rubuta "Ƙaramar Hukumar Dutsi" da Ƙ mai lanƙwasa, lissafin ya koma naira 3,600.

Ga dalili. Saƙon tes guda yana ɗaukar haruffa 160 ne a tsarin GSM-7, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. To wannan tsarin bai san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Ko ɗaya daga cikinsu ya shiga, sai waya ta mayar da saƙon gaba ɗayansa tsarin UCS-2, wanda haruffa 70 kacal yake ɗauka. Haka alamar ₦ take yi.

Dogon saƙo kuma gutsuttsura shi ake yi, kowane gutsure ya ba da ɗan wuri ga bayanin da zai sake haɗa su a wayar mai karɓa. Shi ya sa 160 ke komawa 153, 70 kuma 67. Haruffa 150 ɗin sakatare sun zama gutsure uku ke nan, kowanne da kuɗinsa.

Wayoyi da yawa suna nuna ƙidayar haruffan da suka rage kusa da maɓallin turawa. Idan ta faɗi kwatsam, tsarin ya canza. Wasu na rubuta k' ko d' don gudun wannan, kuma dabarar tana aiki, muddin alamar miƙaƙƙiya ce ('), domin lanƙwasasshiyar (’) ita ma UCS-2 take jawowa.