Takardar Neman Beli: Abin da Alƙali ke Son Ji daga Bakin Ɗan Kasuwa

Yawancin 'yan kasuwar da ke tsintar kansu a gaban alƙali ba su doki kowa ba, ba su zare wa kowa wuƙa ba. Kaya ne aka ba su amana kuɗin bai dawo a kan lokaci ba, ko cek ne suka rubuta banki ya mayar da shi, ko wani ya biya kuɗin kaya bai ga kaya ba. Da zarar an karanta tuhuma mutum ya musanta, maganar da ke biyo baya ita ce beli. A nan ne iyali da abokan kasuwa kan yi ta kai-komo suna neman wanda zai sa baki, alhali abin da ya fi tasiri takarda ce mai shafi biyu ko uku, wadda wanda ake tuhuma ke bayyana dalilin da zai sa ya dawo kotu idan an sake shi.

Beli ba ya nufin an wanke mutum, kuma ba alfarma ba ce. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar da laifin a kansa. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta Tarayya ta 2015 ta ɗora a kan haka. A sashe na 162 ta ce ko da laifin ya kai na ɗaurin da ya wuce shekara 3, a ba da beli, sai fa idan akwai dalilin ganin cewa mutumin zai sake aikata laifi, ko zai gudu, ko zai tsorata shaidu, ko zai ɓoye hujja, ko ya kawo wa bincike cikas. Jihohi suna da nasu dokokin masu kama da wannan, Kano ta yi tata a 2019, sai dai lambobin sassan sun bambanta. Ga ɗan kasuwar da ba a zarge shi da zubar da jini ba, abin da ya fi damun alƙali cikin waɗannan shi ne gudu. Tambayarsa ɗaya ce: idan na sake shi yau, zan gan shi ranar da na ɗage shari'a?

Mu ɗauki misalin wani mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Wani dila ya ba shi kaya na Naira miliyan 6 ya sayar ya kawo kuɗi, ya kawo miliyan 2, sauran suka maƙale a hannun masu sari da suka ɗauka bashi. Mai kaya ya gaji da jira, ya kai ƙara, aka gurfanar da shi da tuhumar cin amana. A dokar Final Kod, sashe na 312, hukuncin wannan laifi zai iya kaiwa ɗaurin shekara 7, ko tara, ko duka biyun. Ke nan laifin ba ƙarami ba ne, kuma alƙali ya san cewa girman hukunci na iya sa mutum ya yi tunanin arcewa. Aikin takardar shi ne ta nuna cewa abin da mutumin zai rasa idan ya gudu ya fi abin da yake tsoro idan ya tsaya.

A kotun majistare sau da yawa lauya yakan nemi beli da baki. A babbar kotu kuwa ana shigar da buƙata a rubuce, a haɗa da takardar rantsuwa, wadda ake rantsewa a gaban kwamishinan rantsuwa. Ana rubuta ta sakin layi bayan sakin layi, kowanne da lambarsa, kowanne da magana guda. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 115, ta hana a cusa roƙo ko muhawarar shari'a a cikinta. Abin da mutum ya sani kawai zai faɗa, idan kuma wani ne ya gaya masa, ya faɗi wanda ya gaya masa da lokaci da wuri. Wannan yana da muhimmanci, domin wanda ke tsare a Kurmawa ko Goron Dutse ba koyaushe yake samun damar rantsewa da kansa ba, sai ƙaninsa ko wani daga ofishin lauya ya rantse a madadinsa. Idan kuma mai rantsuwar ba ya karanta Turanci, dole a fassara masa, a kuma rubuta a ƙasan takardar cewa an fassara ya fahimta kafin ya sa hannu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cika takarda da yabon kai. "Ni mutumin kirki ne, kowa ya san ni a kasuwa, ba zan taɓa guduwa ba." Duk wanda ya tsaya a gaban alƙali haka yake faɗa, har da waɗanda suka gudu. Abin da ke da nauyi shi ne maganar da za a iya tura ma'aikacin kotu ya je ya gani da idonsa. Ga yadda ɗan kasuwar namu zai faɗi tasa, idan aka mayar da ita Hausa:

"Ina zaune a gidana da ke unguwa kaza, lamba kaza, shekara 14 ke nan, tare da matata da 'ya'yana 5, uku daga cikinsu suna makaranta a unguwar. Mai unguwa ya san ni, ga takardarsa. Ina da shago a Kantin Kwari, layi kaza, na biya hayarsa har ƙarshen shekara, ga rasit. Yara 3 ke aiki a ƙarƙashina. Masu sari da ke riƙe da kuɗina duk a Kano da kewaye suke. Lokacin da 'yan sanda suka gayyace ni, da ƙafata na je. Suka ba ni beli, na koma duk ranar da suka ce in koma. Ba a taɓa samuna da wani laifi a kotu ba."

Babu roƙo a ciki, amma kowane layi amsa ce ga tambayar alƙali. Adireshin yana nuna inda za a kai sammaci. Rasit ɗin haya da yaran shago suna nuna dukiyar da ba ta shiga aljihu a tsallaka iyaka da ita. Jarin ɗan kasuwa rabinsa suna ne. Wanda ya tsere daga beli babu dilan da zai sake ba shi kaya bashi, kuma masu riƙe da kuɗinsa sun samu hanyar cinyewa. A ganina layin da ya fi kowanne ƙarfi shi ne na zuwa wurin 'yan sanda da ƙafarsa, domin shi kaɗai ne ke nuna abin da mutumin ya riga ya aikata lokacin da yake da damar guduwa. Kuma duk abin da aka ambata a maƙala takardarsa. Magana mai shaida da wuya mai gabatar da ƙara ya musanta ta, abin da aka rantse a kai kuma ba a musanta ba, kotu takan ɗauke shi a matsayin gaskiya.

Akwai wurin da ɗan kasuwa ke da rauni fiye da ma'aikacin gwamnati, wato tafiya. Mai atamfa yana zuwa Legas ko Kwatano, wani har Dubai ko Gwanzu, yana da fasfo, ya san hanyar Maraɗi kamar tafin hannunsa. Mutane da yawa kan so a ɓoye wannan. Kada a ɓoye. Mai ƙara abokin hulɗarsa ne, ya san komai, kuma zai gaya wa mai gabatar da ƙara, shi kuma ya rubuta a takardar martani. Da zarar alƙali ya ga an ɓoye masa abu ɗaya, sauran maganganun ma sun rasa daraja. Gara mutum ya faɗa da bakinsa: ina da fasfo, ina tafiya sari sau kaza a shekara, a shirye nake in ajiye fasfon a hannun rajistaran kotu, ƙanina zai riƙa yin tafiyar har a gama shari'a, ba zan bar jihar ba sai da izinin kotu. Haka nan idan ya taɓa saɓa ranar kotu a wata shari'a, ya faɗi dalili ya kawo takardar asibiti ko abin da ya tabbatar.

Wani ramin kuma shi ne shiga cikin shari'ar kanta. Zuciya takan ja mutum ya ba da labari tun daga farko, har ya ce, "Gaskiya na taɓa kuɗin na biya wani bashi, amma zan mayar." Wannan magana ce da aka yi bisa rantsuwa, tana nan a fayil, kuma ita ce ainihin abin da mai gabatar da ƙara ke son tabbatarwa a tuhumar cin amana. Ya isa a ce ya musanta tuhumar, yana da kariya, yana bukatar fita ya tattaro littafin shago da rasitai don ganawa da lauyansa. Idan lamarin bashi ne tsantsa, dokar 2015 a sashe na 8 ta hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, amma lauya ne zai yi wannan muhawara a jawabinsa, ba a takardar rantsuwa ba. Sannan tunda shaidu a irin wannan shari'a galibi maƙwabtan shago ne, ya yi alkawarin ba zai tunkare su da maganar ba. Sulhu halal ne, sai dai a bi ta hannun lauyoyi ko shugabannin kasuwa da sanin kotu, kada a aika wani da dare ya ce wa shaida ya yi shiru.

Sai masu tsaya masa. Takardar ta faɗi su wane ne, mene ne dangantakarsu da shi, me suke yi, ina suke zaune. Kotu kan tura a duba adireshi, wani lokaci ta nemi takardar fili ko shaidar biyan haraji. Dokar 2015 ta ce sharuɗɗan beli kada su wuce kima, ta kuma faɗa a sashe na 167 cewa ba a hana mace tsayawa don kawai ita mace ce. Matar da ke da gida ko sana'a za ta iya karɓar belin mijinta ko ɗanta. Kuɗin da alƙali ya ambata, a ce Naira miliyan 2, a mafi yawan lokuta ba a nan take ake biya ba. Alkawari ne cewa idan mutumin ya ɓace, mai tsayawa zai kawo shi ko ya biya, in ya kasa biya yana iya fuskantar ɗauri har wata 6. Saboda haka yaya ko ubangida da ya sa hannu ya fi baƙon da aka yi haya a bakin kotu daraja nesa ba kusa ba. Alƙali ya san da wuya mutum ya jefa ɗan'uwansa na jini a wannan hali.

Bayan an fito, alkawarin ya fara aiki. Shari'a takan ja, a ɗage yau a ɗage gobe, ranar kotu ta faɗo a ranar da kaya suka iso. Wanda ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba, ana ba da warantin kama shi, a soke belin, a kira masu tsaya masa, kuma neman beli na biyu ya fi na farko wuya ƙwarai. Idan rashin lafiya ko rasuwa ta hana ka, ka sanar da lauyanka kafin a zauna, mai tsaya maka ya je kotu da takarda a hannu. Kafin ka sa hannu a takardar rantsuwa kuma, ka sa a karanta maka ita layi-layi da Hausa, duk abin da ba haka yake ba ka ce a cire, domin rantsuwa a kan ƙarya laifi ne mai zaman kansa, kuma sunanka ne a ƙasan takardar, ba na lauya ba.