Minti Goma Sha Biyu a Gaban Kwamiti: Yadda Rukuni Ke Bita Kafin Ranar Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a zauren da ɗalibai ke kare aikin kammala karatu ya ga wannan: mai magana na farko ya sake jiki yana ta bayani, na biyu ya ƙara nasa, na ƙarshe yana buɗe baki sai shugaban kwamiti ya ƙwanƙwasa tebur ya ce lokaci ya cika. Abin takaicin shi ne, sakamakon aikin, wanda shi malamai suka zo ji, galibi yana hannun na ƙarshen nan. Ba rashin sani ne ya kayar da su ba. Kowa ya yi bitar nasa a ɗakinsa, amma ba su taɓa tsayawa tare a gaban agogo ba.

Maganin wannan matakai uku ne da ake bi a jere: gwaji da agogo, zagayen jin ra'ayi, sannan yanka na ƙarshe. Kowanne da aikinsa, in aka cakuɗa su duka suna lalacewa.

A ɗauki misalin ɗalibai huɗu na kwalejin kimiyya da fasaha da suka ƙera injin ɓare gyaɗa, aka ba su minti 12 su gabatar kafin tambayoyi. Abu na farko, kada su shirya jawabin minti 12. Su nufi minti 11, domin a ranar majigi na iya yin gardama, wani ya rikice, ko malami ya jefo tambaya a tsakiya. Sai su raba: gabatar da matsala minti 2, yadda aka ƙera injin minti 3 da rabi, gwajinsa da sakamako minti 3 da rabi, kuɗin da ya ci da kammalawa minti 2. Su sa ranar gwajin farko kamar kwana biyar kafin gabatarwa, don gyara ya samu wurin zama.

Doka ɗaya ce ke riƙe da gwajin farko: in aka kunna agogo, ba a tsayar da shi. Ko wani ya manta layinsa, ko shafin majigi ya fito a juye, a ci gaba, domin a zaure ma ba wanda zai ce "bari mu sake". A yi shi a tsaye, da murya sosai, da kwamfutar da za a yi amfani da ita, tun daga sallama har godiyar rufewa. Karantawa a zuci yaudara ce, don ido ya fi baki sauri nesa ba kusa ba. Mai riƙe agogo ya zama wani daga wajen rukunin, da agogon waya da takarda, yana rubuta lokacin kowane mai magana daban, da lokacin da ke zubewa tsakanin wannan ya gama da wancan ya fara. Masu amfani da PowerPoint suna da Rehearse Timings a ƙarƙashin Slide Show, wanda ke ajiye lokacin da aka ɗauka a kan kowane shafi.

A ce takardar ta nuna haka: na farko minti 3 da daƙiƙa 40, na biyu 4 da 50, na uku 3 da 20, na huɗu 2 da 10. Miƙa magana sau uku, kowanne daƙiƙa 20 na neman makirufo da "to yanzu ɗan'uwana zai ci gaba", ya cinye minti guda. Jimla minti 15. Da jimlar kawai aka rubuta, da an ce kowa ya rage minti ɗaya, a zalunci na uku wanda bai ma cika rabonsa ba. Rabe-raben ne suka nuna inda ciwon yake.

Daga nan sai jin ra'ayi, nan take, tun abin yana da ɗumi a ka. A gayyato masu sauraro biyu ko uku, aƙalla ɗaya wanda bai san aikin ba, domin shi kaɗai zai gane wurin da aka tsallake bayani. Kada a tambaye su "yaya kuka gani?", don amsar ita ce "ma sha Allah, kun yi ƙoƙari". A ba su tambayoyi uku: Wane abu ɗaya kuka riƙe? A ina kuka ɓata? A ina hankalinku ya tafi wani wuri? Su fara rubutawa kafin kowa ya yi magana, in ba haka ba duk za su bi bakin babba. 'Yan rukunin kuwa nasu sauraro da rubutu, ban da kare kai. In mai sauraro ya ce bai gane kilo nawa injin ke ɓarewa a awa ɗaya ba, cewa "ai na faɗa" ba ta da amfani. An faɗa, amma bai shiga ba. Gyara mai amfani yana nuna wuri: "a shafi na bakwai lambobin sun yi ƙanana, ba a gani daga baya". Abin da mutum biyu suka ambata kowa da kansa, a ɗauke shi da gaske. A ƙayyade wa zagayen kamar minti 20, kada ya koma muhawara.

Yanka shi ne mai zafi, shi ya sa ya fi kyau a bari sai washegari. Akwai minti 4 da za a cire, kuma saurin magana ba zai cire su ba. Sai dai ya haɗiye kalmomi, a ranar kuma mutum ya koma saurinsa na asali. Ana cire yanki ne ɗungurungum. Ma'aunin shi ne: in aka cire wannan, kwamiti zai kasa gane sakamakon? In a'a, ya tafi. Doguwar gaisuwa ga kowane malami da tarihin dalar gyaɗa ta Kano su fita daga kason na farko, an samu minti 1 da daƙiƙa 30. Jerin kaurin ƙarfe da girman kowane noti ya koma shafin ajiya a bayan kammalawa, a fito da shi in an tambaya, an samu minti 1 da daƙiƙa 20. Na huɗu ya daina maimaita abin da na uku ya gama faɗa, daƙiƙa 25. Miƙa magana kuma a daidaita ta: kowa ya san jimlar ƙarshe ta wanda ke gabansa, ya matso tun kafin a kai ta, daƙiƙa 5 ta isa, an samu 45. Minti 4 ke nan cif, kuma ba a taɓa sakamakon ba.

Ya kamata tun farko a amince da mutum ɗaya mai yanke hukunci, domin kowa yana ganin nasa ne ba ya taɓuwa, musamman abin da ya kwana yana haɗawa. Wanda ke ganin ba za a iya matse aikin shekara cikin minti 11 ba, ya dubi gasar da Jami'ar Queensland ta Ostireliya ta fara a 2008, inda masu digirin digirgir ke bayanin bincikensu cikin minti 3 da shafin majigi ɗaya tak, wanda ya wuce kuma a fitar da shi.

Bayan yanka dole a sake gwaji da agogo, in da hali a zauren da za a yi abin, domin yanka kan bar rami: na uku zai ce "kamar yadda muka nuna ɗazu", alhali an cire abin. A wannan gwajin a kashe majigi da gangan na minti ɗaya, a ga ko za su iya ci gaba in aka ɗauke wuta. A kuma shirya alama da mai zama a gaba zai ɗaga in saura minti 2, tare da jimla biyu na sakamako da za a faɗa ko ta halin ƙaƙa. In agogo ya tsaya kusa da minti 11, a rufe aikin. Duk shafin da wani ya cusa a daren jajibiri bai bi ta gaban agogo ba, don haka wurinsa shafukan ajiya.