Wa Zai Biya, Kuma Nawa? Sharuɗɗa Biyu da Ake Rikitawa a Takardar Yarjejeniya

A daren 31 ga Disamban 1971, wani jirgin kamun kifi mai suna Strathallan ya maƙale da jirgin da ke kusa da shi a tashar ruwa ta Aberdeen, a ƙasar Sikotilan, dukansu biyu suka nutse. Akwai kamfanin gadi na Securicor da aka ɗauka domin lura da jiragen, amma bai yi sintirin da ya kamata ba a wannan dare. Asarar masu jirgin ta kai fam 55,000. Da shari'a ta kai kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan zamani, alƙalai sun yarda kamfanin ya yi sakaci, amma suka ce fam 1,000 kawai zai biya, domin abin da aka rubuta a yarjejeniya ke nan.

Wannan shi ne sharaɗin ƙayyade diyya. Mai shi bai ce ba zai biya ba. Cewa ya yi, in ya saɓa alkawari ko ya yi ɓarna, abin da za a karɓa a hannunsa ba zai wuce kaza ba. Duk wanda ya taɓa kai babbar riga gidan wanki da guga na zamani, ya ga an rubuta a bayan rasit cewa in kaya suka lalace ba a biyan fiye da ninki goma na kuɗin wanki, to ya riga ya haɗu da shi. In wankin naira 2,000 ne, rigar kuma ta naira 150,000, diyyarsa 20,000 ce, sauran ya haƙura. Haka yake a jirgin sama: Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta sa iyaka kan diyyar jakar fasinja da ta ɓace, sai fa in fasinjan ya bayyana darajar kayansa tun wajen awo, ya biya ƙarin kuɗi in an nema.

Mutum zai iya ganin wannan zalunci ne, kuma wani lokaci zaluncin ne. Amma hujjar da alƙalan suka bayar tana da ƙarfi: kuɗin gadi kaɗan ne, dukiyar da ake gadi mai yawa ce, kuma mai jirgi ya fi kowa sanin darajar jirginsa, don haka shi ya fi dacewa ya yi masa inshora. Da za a ɗora wa mai wanki kuɗin kowace riga cif, da babu wanda zai iya biyan kuɗin wanki.

Sharaɗin ɗauke asara kuwa aikinsa daban. Shi ba ya rage kuɗin da za a biya, aljihun da kuɗin zai fito yake sauyawa. Ɗaya daga cikin masu yarjejeniya ne ke yi wa ɗayan alkawari cewa in abu kaza ya faru, asara ta hau kanka, ni zan ɗauke maka ita. Galibi akwai mutum na uku a ciki, wanda bai san da zaman yarjejeniyar ba.

A ɗauka wani tela ya kama hayar shago a bene, ya rataya ƙaton allon talla. Iskar farkon damina ta fizge allon ya faɗa kan motar wani da ya yi fakin a ƙasa. Mai mota bai san tela ba, mai gini ya sani, shi ya kai ƙara. In takardar haya ta ce ɗan haya zai ɗauke wa mai gida duk asarar da ta taso daga abin da ya kafa a jikin gini, to abin da kotu ta ɗora wa mai gida, tela ne zai mayar masa, har da kuɗin lauya in sharaɗin ya ambace shi. Amma mai gida ba zai iya nuna wa mai mota takardar ya ce je ka nemi tela ba, domin yarjejeniya ba ta ɗaure wanda bai shiga cikinta ba. In kuwa tela ba shi da ko sisi, mai gida ya biya ke nan. Shi ya sa masu wayo ke haɗa wannan sharaɗi da tilasta yin inshora.

Manyan kamfanoni ma a kan wannan suke fafatawa. Bayan na'urar haƙar mai ta Deepwater Horizon ta fashe a Tekun Meziko ranar 20 ga Afrilun 2010, mutum 11 suka mutu, kamfanin BP mai rijiyar da Transocean mai na'urar haƙa sun je kotu kan wanda zai ɗauki nauyin gurɓatar ruwa. A Janairun 2012 wata kotun tarayya a New Orleans ta ce bisa yarjejeniyarsu, BP ne zai ɗauke wa Transocean diyyar da jama'a ke nema kan man da ya malalo daga ƙarƙashin ruwa. Sai dai ba ta yarda a ɗauke masa tarar gwamnati ko diyyar horo ba, domin hukuncin da aka yi don mai laifi ya ji a jikinsa ba ya da amfani in wani ne zai biya.

Inda ƙaramin ɗan kasuwa ya fi cutuwa shi ne idan sharuɗɗan biyu suka haɗu a takarda ɗaya, kowanne na kallon gefe guda. A ɗauka wani ya ba kamfanin sufuri buhun shinkafa 600 daga Kano zuwa Legas, kayan na naira miliyan 40, kuɗin dako miliyan 2. Sakin layi na farko ya ce diyyar kamfani ba za ta wuce kuɗin dako ba. Can ƙasa wani ya ce mai kaya zai ɗauke wa kamfani duk asarar da ta taso daga kayan ko lodinsu, ba a faɗi iyaka ba.

In direba ya yi sakaci ruwa ya lalata shinkafar baki ɗaya, mai kaya zai karɓi miliyan 2, ya yi asarar miliyan 38. In kuwa igiyar da 'yan dakonsa suka ɗaure ce ta tsinke, buhuna suka zubo kan wata bas, kotu ta yanke miliyan 8, lauya ya ci miliyan 1, kamfani zai dawo masa da lissafin miliyan 9 cif. Kamfani ya yi wa nasa nauyin rufi, na mai kaya kuwa a buɗe yake. Wannan rashin daidaito ne ya kamata a nema a gyara kafin sa hannu: ko a sa iyaka a ɓangarorin biyu, ko a taƙaita alkawarin ga ɓarnar da laifin mai kaya ne ya jawo ta. Kalmomi irin su “duk wata asara” da “ko ta wace hanya ta taso” su ne alamar haɗari, domin suna iya sa mutum ya biya kuɗin sakacin wani.

Doka ba ta sakar wa kowa mara ba. Sharaɗin da aka nuna bayan an gama ciniki ba ya aiki: kotun Ingila ta taɓa ƙin yarda da sanarwar da wani otal ya manna cikin ɗaki, saboda matar da aka sace wa kaya ta riga ta kama ɗakin tun a teburin karɓar baƙi. Dokar Birtaniya ta 1977 ta hana ƙayyade diyyar mutuwa ko rauni da sakaci ya jawo. A Najeriya ma dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta hana a ɗora wa mai saye sharuɗɗan da ba na adalci ba. Amma tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa, kotu ta fi bin abin da aka rubuta ƙarara aka sa wa hannu, ko da ɗayansu bai karanta ba.