BABI NA HUƊU: DABARUN CIRE MAI WUCEWA KO WANI ABU DAGA HOTON FIM

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayanin yadda mai tace hoto yake cire mutumin da ya gitta, ko wani abin da ba a so, daga hoton da aka riga aka ɗauka. Tun daga fitowar Turmin Danya a Kano a shekarar 1990, mafi yawan finafinan Hausa a cikin gari ko ƙauye ake ɗaukar su, ba a keɓaɓɓen ɗakin shirya fim ba. Wannan ya sa mai wucewa ya zama matsala ta yau da kullum. Wanda ya kafa kyamara a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko a ƙofar fadar Gumel ranar hawan Salla, ba shi da ikon tsayar da jama'a. Haka kuma manyan kamfanoni ba su tsira ba. A watan Mayu na 2019 an ga kofin gahawa na zamani a kan tebur a cikin shirin Game of Thrones, kuma bayan 'yan kwanaki aka goge shi da kwamfuta.

Dabaru uku ake haɗawa wajen wannan aiki: rufewa da maski, bin diddigin motsi, da kwafe wani sashe na hoto zuwa wani. Za a bi su ta hanyar misali guda ɗaya, tare da amfani da manhajar After Effects.

4.1 Tushen Aikin

Hoton bidiyo jerin hotuna ne marasa motsi da ake kira firam. A tsarin da aka saba da shi a Nijeriya, firam 25 ne suke wucewa a kowace daƙiƙa. Abin lura shi ne, kyamara ba ta ɗauki abin da yake bayan mai wucewa ba a lokacin da ya tare shi. Saboda haka ba goge shi ake yi ba, rufe shi ake yi da hoton wurin da ya tsaya. Tambayar farko da mai tacewa zai yi ita ce: a ina za a samo hoton wannan wuri babu kowa? Irin wannan hoto shi za a riƙa kira wankakken hoto a wannan babi. Idan mutum wucewa ya yi, wurin ya bayyana a firam ɗin da suka gabata ko waɗanda suka biyo baya, sai a aro daga can. Idan kuwa abin a tsaye yake tun daga farko har ƙarshe, dole a aro daga gefensa, wanda shi ne aikin kwafewa.

4.2 Misalin da Za a Bi

A ƙaddara an ɗauki wata fitowa a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, a labarin da ya faru kafin zuwan Turawa. 'Yan wasa biyu suna magana a gaban katangar ƙasa da yamma. Tsawon hoton daƙiƙa 8 ne, wato firam 200, faɗinsa ɗigo 1920, tsayinsa 1080. Kyamarar a kafaɗa take, don haka tana ɗan rawa. Daga firam na 60 zuwa na 135 wani yaro ya gitta a kan keke tsakanin 'yan wasan da katangar. Ban da shi, akwai baƙar leda maƙale a jikin katangar a duk tsawon hoton. Keken da ledar duka sun ƙaryata zamanin labarin. Komawa daga Kano don sake ɗauka yana nufin sake biyan 'yan wasa da mota da hayar kaya saboda daƙiƙa 3.

4.3 Bin Diddigin Motsi

Da wannan ake farawa, domin duk facin da za a ɗora dole ya yi rawa daidai da rawar kyamara. In ba haka ba, mai kallo zai ga wani sashe na katangar yana zamewa a kan sauran.

Hanya ta farko ita ce bin ɗigo. Ana zaɓar Track Motion, a kunna Position da Rotation da Scale, sai manhajar ta ba da akwatuna biyu. Ana ɗora kowanne a kan wata alama mai fita sarai, kamar bakin indararo ko tsagar da take jikin katanga. Ya kamata alamun biyu su yi nesa da juna, kuma kada keken ko ɗan wasa ya tare su. Sakamakon ana miƙa shi ga Null Object, wanda facin zai bi daga baya.

Sai dai katangar ƙasa takan kasance launi ɗaya, ba ta da alamu da yawa, musamman a lokacin hazo. A nan hanya ta biyu ta fi, wato bin shimfiɗa da Mocha AE, wadda ake haɗawa da After Effects tun 2008. Maimakon ɗigo ɗaya, ana zana babban fili a jikin katangar, manhajar ta bi dukkan yanayin yaɓen a matsayin shimfiɗa guda. Sharaɗi shi ne a zana wani fili na daban a kan keken, a sa shi a sama, don kada motsinsa ya ja lissafin.

Akwai iyaka a nan. Idan kyamara ta matsa, abin da yake kusa ya fi na nesa saurin gocewa. Don haka katanga shimfiɗa ɗaya ce, ƙasar da keken yake takawa wata ce daban, kuma kowacce sai an bi ta ita kaɗai. Ana gane bin ya yi kyau idan aka ɗora layukan gwaji a kan katangar, aka kunna hoton, suka zauna kamar an zana su a jikinta.

4.4 Rufewa da Maski

Maski zane ne da yake iyakance sashen da zai bayyana daga wani hoto. A misalinmu, ana ɗaukar firam na 55 a daskarar da shi da Freeze Frame, ya zama wankakken hoto. An zaɓi na 55 ba na 5 ba saboda haske da kusurwar kyamara sun fi kusa da na lokacin da keken ya shigo. Ana ɗora shi a kan asalin hoton, a ɗaure shi da sakamakon bin diddigi, sannan a zana maski da Pen Tool a kewaye da keken. A cikin zanen ne kawai katangar firam na 55 za ta bayyana, ta rufe yaron.

Girman zanen yana da lissafi. Keken ya ratsa ɗigo 1920 a cikin firam 75, wato kusan ɗigo 26 a kowane firam. Idan an ɗauki hoton da saurin ƙiftawa na 1/50 na daƙiƙa, dishi-dishin motsinsa zai kai kusan ɗigo 13. Saboda haka sai a buɗa zanen da ɗigo kamar 20 fiye da jikin keken, a kuma tausasa bakinsa da Mask Feather na ɗigo 10 zuwa 15. Wanda ya matse zanen zai ga wata inuwa-inuwa tana bin wurin da keken ya wuce. Ba a gyara zanen a kowane firam. Ana gyara shi a na 60 da na 135, sannan a tsakiya, sannan a tsakiyar kowane rabi, har sai ya daina kuskure. Wannan ya fi ba da motsi mai laushi.

Abu biyu ne ɗalibai suka fi mantawa. Na farko inuwa. Rana ta yi yamma, inuwar keken ta miƙe a ƙasa, kuma idan ba a rufe ta ba za a ga inuwa tana tafiya babu mai ita. Na biyu, lokacin da keken ya bi ta bayan ɗan wasa, misali daga firam na 95 zuwa na 110, facin zai rufe kafaɗar ɗan wasan ma. Maganinsa shi ne a sake ɗora asalin hoton a can sama, a yanko ɗan wasan kaɗai da wani maski mai bin jikinsa sosai. Hawa uku ke nan: asali a ƙasa, faci a tsakiya, ɗan wasa a sama. Waɗannan firam 16 sukan ci lokaci fiye da sauran aikin duka, musamman idan akwai jelar rawani ko mayafi da iska take kaɗawa.

4.5 Kwafewa

Leda ba ta gusa ba, don haka babu firam ɗin da ya nuna abin da yake ƙarƙashinta. A nan ake amfani da Clone Stamp. Ana danne Alt a taɓa wani wuri mai tsabta a jikin katangar, sannan a shafa a kan ledar. Wurin da za a aro ya kasance kusa, a tsayi ɗaya, cikin haske iri ɗaya. Ya kamata a riƙa sauya shi, domin idan tsaga ɗaya ta fito sau biyu a jere, ido yakan gane nan take.

Babban kuskure shi ne shafa kowane firam da hannu. Hannu ba ya maimaita shafa iri ɗaya sau 200, saboda haka wurin zai riƙa motsi kamar ruwa yana tafasa. Hanyar da ta dace ita ce a shafa sau ɗaya a kan wankakken hoton, a bar bin diddigi ya ɗauke shi zuwa sauran firam. Da wannan hanya kuma ake cike katangar da take bayan kafaɗar ɗan wasa a firam na 55, tunda a wancan firam shi ma ya tare wani sashe nata.

4.6 Yadda Ake Gane Aibi

Ko bayan an rufe komai, facin yakan tona kansa ta hanyoyi biyu. Na farko, kowane hoton bidiyo yana da ƙananan ɗige-ɗige masu motsi, amma firam ɗin da aka daskarar nasa a tsaye suke, sai wurin ya yi kama da gilashi mai datti. Ana gyara wannan ta rage ɗige-ɗigen facin, sannan a mayar masa da masu motsi da Match Grain. Na biyu, idan gajimare ya gitta ko kyamara ta sauya haske da kanta, facin zai fi kewayensa haske ko duhu, sai a bi shi da Levels a riƙa daidaitawa.

Don gwaji, ana sa yanayin haɗawa a Difference a kwatanta sabon hoton da asali. Duk inda suka yi daidai zai yi baƙi, abin da aka cire ne kaɗai ya kamata ya haska. Idan layukan katangar suka fito a cikin facin, bin diddigi ya goce. Bayan haka a kalli hoton a babban allo sau da yawa, a kuma saurari sauti, domin ƙararrawar keke tana iya saura bayan keken ya tafi.

4.7 Kammalawa

An ga cewa bin diddigi yana ba faci motsi, maski yana ba shi iyaka, kwafewa kuma tana samar da abin da kyamara ba ta taɓa gani ba. Dabarar tana raunana idan bayan mai wucewa taron jama'a ne, ko garken shanu irin na kasuwar Maigatari, ko ƙurar dawaki, domin babu tsayayyen wuri da za a aro. Haka kuma ba ta dace da hoton labarai ba, inda cire mutum yake zama sauya shaida. Daga ƙarshe, mai ɗaukar hoto yana iya rage wa mai tacewa wahala ƙwarai idan ya ɗora kyamara a kan ƙafarta, kuma bayan kowace fitowa ya fitar da 'yan wasa ya ɗauki wurin babu kowa na daƙiƙa 10 kafin ya motsa ta.