Takardar CAC Ba Lasisin Karɓar Jari Ba Ce

A watan Afrilun 2025 dandalin CBEX ya rufe da kuɗin jama'a, bayan ya yi ta alkawarin ninka jari cikin kwana 30. Abin takaicin shi ne, masu tallarsa suna da takardun nunawa: rajistar wani kamfani mai suna ST Technologies a hukumar CAC, da takardar SCUML daga EFCC. Amma hukumar SEC, mai kula da harkar zuba jari, ta ce ba ta taɓa yi wa CBEX rajista ba.

Takardar CAC kamar takardar haihuwa take: tana shaida cewa kamfani ya wanzu, ba ta ba shi izinin juya kuɗin kowa. Ita kuwa SCUML rajista ce ta sa ido kan halatta kuɗin haram. Mai karɓar kuɗi don ya juya ya raba riba sai da rajistar SEC, mai karɓar ajiya irin ta banki kuma sai da lasisin CBN.

A ce an zo wa ma'aikaci a sakatariyar Gwadangaji, ko manomin shinkafa a Argungu da ya gama sayar da amfaninsa, da hoton takardar CAC a waya. Ya fara ɗaukar lambar da ke jikinta. Idan da RC ta fara, kamfani ne. Idan BN ce, sunan kasuwanci ne kawai, irin wanda mai shago ke yi. Ya shigar da lambar a sashen bincike na shafin CAC, ya duba ko suna da ranar rajista sun zo daidai, harafi da harafi. Mai jabu ya fi son aron lambar kamfani na gaske ya ɗora nasa sunan, don haka lambar za ta fito, amma da sunan wani. Daga nan sai shafin sec.gov.ng, a nemi sunan cikin jerin masu rajista, a kuma duba wane aiki aka amince su yi.

Takardar kanta takan tona asiri. Wadda ke ɗauke da kwanan watan 2023 amma tana ambaton dokar kamfanoni ta 1990, alhali an sauya ta a 2020, abar tuhuma ce. Haka idan rubutun sunan ya bambanta da sauran rubutun, ko lambar QR ta ƙi karantuwa, ko ta kai mutum shafin da ba na hukumar ba. Ni dai na fi tsoron takarda ta gaske da ake fakewa da ita, domin jabu kan faɗi a binciken farko, ita kuwa takan tsallake. Sai kuma asusun da aka ce a tura kuɗi: idan sunan wani mutum ne a kai, ba na kamfanin ba, a tsaya nan.